Nawa ne Kuɗin Awarki? Mu Yi Lissafin Daga Ƙarshe Zuwa Farko

Yau maganarmu a kan kuɗin aikin hannu ce: ɗinki, kitso, saƙa, lalle da makamantansu. A ƙungiyoyin da nake zagayawa tsakanin Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, in na tambayi mace yadda ta yanke kuɗin aikinta, amsar ɗaya ce: "Haka wance take karɓa." To ita wancen wa ya yi mata lissafi? Shi ya sa za ki ga mace tana aiki ba hutu, amma ranar zubi sai ta ranto.

Na san a nan ba wanda ke biyan tela da awa, da kaya ake biya. Amma in kin san kuɗin awarki, kin samu mudun da za ki auna kowane aiki da shi. Za mu fara ne daga abin da kike buƙata, mu dawo baya har mu iso kan awa ɗaya. Mu ɗauki misalin mai ɗinki a gida. Kuɗaɗen da zan faɗa misali ne kawai, kowace ta sa nata.

Mataki na farko, me ke kanki a wata? Abin da ke fita daga hannunki ke kaɗai za ki lissafa, ban da na maigida. A ce tana taimaka wa cefane da naira 18,000, sabulu da man shafawa 4,000, hidimar makarantar yara 5,000, magani 4,000, gudummawar biki da suna 5,000, zubin ƙungiya 4,000. Jimla 40,000 ke nan. Kar ku cire biki da suna don kunya, kuɗi ne da ke fita kowane wata.

Mataki na biyu, ita ma sana'ar tana da baki. Allura, man keke, gyara, gawayin guga, cajin waya da kuɗin motar zuwa kasuwa. Ki haɗa da ɗan abin da za ki riƙa ajiyewa don ranar da keken zai tsufa. A ce duka 7,000 ne. Zare, shafi da zif ba sa cikin wannan, su a kan kowane kaya za mu ɗora su.

Mataki na uku, haraji. Akwai tikitin da ake yanka a kasuwa in kin kai kaya, akwai kuma abin da mai POS ke cirewa in an turo miki kuɗi. Na POS ba haraji ba ne, amma tunda daga guminki ake cire shi, mu haɗa su wuri ɗaya, a ce 1,000. Shi kuwa harajin samu na gwamnati, dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe shi a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Mai ɗinkinmu ba ta kai nan ba, don haka bai hau kanta ba. Duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan haraji, ki nemi rasit.

Yanzu mu tara: 40,000 da 7,000 da 1,000, ya zama 48,000 a wata.

Mataki na huɗu shi ne inda aka fi yin asara, ku saurara da kyau. Tana ba sana'ar awa biyar a rana, kwana shida a mako. Awa 30 ke nan a mako, 120 a mako huɗu. In ta raba 48,000 gida 120, za ta ce awarta naira 400 ce. Nan kuskuren yake, don ba duk awa 30 ɗin take kan keke ba. Zuwa kasuwa sayo kayan ɗinki ya ci awa huɗu. Awo, zaɓen samfuri da ciniki sun ci uku. Gyaran kayan da aka dawo da su biyu, bin bashi ɗaya. Awa goma ke nan da ba mai biyan ta ko sisi. Saura 20 a mako, 80 a wata. Raba 48,000 gida 80, ya zama naira 600.

Ba mu gama ba. Shekara wata 12 ce, kuma duka ana ci ana sha a cikinsu, amma ba duka ake aiki ba. Akwai girbi, jinya, zaman makoki, da ranakun da hanya ba ta biyuwa. Kun tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe kasuwannin mako a Zamfara, aka kuma katse layukan waya? Har kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta tsaya, amma tukunya ba ta daina neman wuta ba. Don haka mu ce wata goma take aiki. Buƙatar shekara, 48,000 sau 12, ita ce 576,000. Awannin da ake biya, 80 sau 10, su ne 800. In an raba, naira 720 ke nan. Wannan ne kuɗin awarta na gaskiya, ba 400 ba.

To mu auna aiki da shi. Riga da zani na cin awa uku, daga yanka har guga. 720 sau uku 2,160 ne, a ƙara 500 na zare, shafi da zif, ya zama 2,660. Sai ta ce 2,700.

Na ga wasunku na girgiza kai, wai a garinmu 2,000 ake biya. Gaskiya ne, lissafi ba ya tilasta wa mai kaya. Amma duba: in ta karɓi 2,000 ta cire 500, saura 1,500 a awa uku, wato 500 a awa. Kowace awa tana da giɓin 220, a shekara 176,000. Wannan giɓin shi ne ke cinye jari, shi ne bashin da kike ci daga akwatin ƙungiya don cefane.

In kasuwa ta ƙi ƙarin, sai a rage lokacin da ba a biya. Ku huɗu ku riƙa tura mutum ɗaya sayayya bi da bi. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ki sa almakashi, bin bashi ya ragu. Ki rubuta awo a littafi, gyara ya ragu. In ta ceto awa biyar a mako, kuma akwai aikin da zai cike su, awanninta sun zama 1,000 a shekara, abin da take buƙata a awa ya sauko 576. Kayan nan sai ya tsaya wajen 2,250, ya matso kusa da kasuwa. Sannan ta fi karɓar aikin da ake yankawa a tare, kamar kayan makaranta, ta kuma ɗora wa ɗinkin gaggawa na Sallah nasa kuɗin.

Aikinmu na wannan mako: kowace ta samu gwangwani biyu. Duk awar da kika yi kan aikin da za a biya, jefa ƙwayar wake a na farko. Duk wadda ta tafi a kasuwa, ciniki ko bin bashi, jefa a na biyu. Ki duba agogon waya, kar ki yi kintace. Ranar zubi ku zo da su, mu ƙirga tare da sakatariya, kowace ta fitar da kuɗin awarta. In farashin masara ko na mota ya tashi, sai a sake lissafin. Allah ya sa albarka a neman.