Wa za a fara gani a hoton? Yadda ake jera umarni ga manhajar zana hoto



Yau maganarmu a kan hotunan nan ne da muke sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira su zana mana, irin su Midjourney, Stable Diffusion, ko Meta AI da ke cikin WhatsApp. Da yawa cikinmu da su muke haɗa hoton sanarwar taro ko na wani kamfe, tunda ba kullum ake da kuɗin mai ɗaukar hoto ba. Kuma kusan kowa ƙorafinsa ɗaya: ka nemi hoton mutanen Dogondutsi, a miƙo maka tudun rairayi da raƙumi, mutumin da kake nufi kuwa yana can gefe ɗan mitsitsi. Sai mu ce injin bai san Arewa ba. Gaskiya ne, bai san ta sosai ba. Amma sau da yawa rabin matsalar tana cikin yadda muka jera maganar da muka rubuta masa, wadda zan riƙa kira umarni.

Bari mu ɗauki aiki ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce muna son hoton da za mu liƙa a shafi don tallata dankalin turawa na Dutsi, wanda ake nomawa a fadama lokacin sanyi. Abin da muke son mai kallo ya gani shi ne mace manomiya tana aikinta. Ga irin umarnin da aka saba rubutawa, da Faransanci tunda da shi akasarinmu ke rubuta wa waɗannan manhajoji:

```
photo ultra réaliste, 8K, lumière cinématique, coucher de soleil, désert du Niger, très détaillé, une femme avec des pommes de terre
```

Ku duba inda matar take. Ita ce ta ƙarshe, an ajiye ta a bayan layi. Kafin a iso gare ta an riga an faɗi ingancin hoto, an faɗi haske, an faɗi faɗuwar rana, an faɗi hamada. To mi kuke zato zai fito? Galibi hoton hamada ne da jan sararin sama, mai kyau ƙwarai, sai wata mata da ba a san abin da take yi ba. Kalmar "avec" ba aiki ba ce. Ba ta ce tana tonowa ba, ba ta ce tana aunawa ko sayarwa ba, don haka injin zai cike gurbin da abin da ya fi sabawa da shi.

Akwai dalili a cikin ginin injin kansa. Ba ya karanta jimla kamar ni da ku. Yana yanka ta gutsi-gutsure, kalma ɗaya takan zama gutsure ɗaya, wata biyu ko uku. Stable Diffusion na farko, wanda ya fito a watan Agustan 2022, yana karanta umarni ta wani sashe mai suna CLIP, kuma wannan sashe gurbi 77 kawai gare shi. Biyu na alamar farawa da ta ƙarewa ne, saura 75. Abin da ya wuce nan, a tsarin asali, yanke shi ake yi a zubar, ba tare da an gaya maka ba. Kuma da yake da Ingilishi aka fi horar da shi, kalmar Faransanci takan cinye gurbi fiye da ta Ingilishi, ta Hausa kuma ta fi duka ci. Ban da haka, rubutun da aka koya masa a ƙarƙashin hotuna galibi gajere ne, layi ɗaya da ke fara faɗin abin da ke cikin hoton. Shi ya sa ya saba neman babban zance a farko. Wani bincike na 2024 ma ya nuna cewa gutsuren da CLIP ke amfani da su sosai ba su wuce kamar 20 na farko ba. Ke nan kalmominka na farko su ne fadama, inda ruwa yake. Kada ka shuka "8K" a wurin.

Sababbin manhajoji, irin wanda ke cikin ChatGPT, suna karanta doguwar jimla fiye da haka, wasu ma sukan sake rubuta umarninka kafin su zana. A can jeri ba ya cizo da ƙarfi kamar a tsofaffin. Duk da haka abin da ka sa a gaba shi suke ɗauka a matsayin nufinka, kamar yadda tela zai ɗauka idan ka fara da "babbar riga nake so" kafin ka shiga zancen launin zare.

Yanzu mu sake jerawa. Farko wa: manomiya Bahaushiya, mai kimanin shekara 40, da zane da kallabi. Ku lura launin zanenta yana manne da ita nan take. Idan ka bari sai can ƙarshe ka ce "shuɗi", launin yakan zube a inda ba ka nufa ba, ka ga buhu ya zama shuɗi, ko sararin sama ya rine. Kowace siffa ta zauna kusa da mai ita.

Na biyu, mi take yi. Aiki ɗaya tak, wanda ido ke iya gani: tana juye dankali cikin buhu. Wannan aikin shi ke gaya wa injin inda hannuwanta za su kasance, inda za ta duba, da yadda za ta sunkuya. Idan ka ce tana tonowa, tana wankewa, tana kuma sayarwa, hoto ɗaya ba ya ɗaukar lokaci uku. Sai ka ga hannu uku, ko mata biyu masu fuska iri ɗaya.

Na uku shi ne wuri, kuma nan nake so mu ɗan daɗe, don nan ne mu 'yan Arewa muka fi shan wahala. Sunan gari ba ya wadatarwa. Injin ya koyi duniya ne daga biliyoyin hotunan intanet masu rubutu a ƙasa, kuma hotunan da aka rubuta wa Matankari, Kiyeshe ko Dumega ba su taka kara sun karya ba a cikin wannan tari. Ka rubuta "Niger", ya tuna da Tenere da Agadas. Ka rubuta "Arewa", akwai yiwuwar ya kai ka arewacin Najeriya, ga amare da lalle, domin can ne aka fi amfani da kalmar a intanet. Maganin shi ne ka siffanta abin da ido ke gani maimakon ka kira suna. Duk wanda ya biyo babbar hanya daga Doso ya san abin da ke tarbarsa a Dutsi: jan dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, da koren lambuna a kwarin Dallol Mawuri. To haka za ka rubuta: koren lambu mai ban ruwa, jan tudu mai shimfiɗaɗɗen kai can nesa. Kalmar "nesa" tana da aiki. Ita ke hana dutsen ya taso gaba ya danne matar.

Sai salo, sannan bayanan fasaha a ƙarshe: hoto irin na 'yan jarida, hasken safiya, a ɗauko ta daga ƙugu zuwa sama, sai girman hoton. Ga yadda ya zama:

```
Une cultivatrice haoussa de 40 ans en pagne bleu et foulard verse des pommes de terre dans un sac, champ irrigué vert, colline rouge à sommet plat au loin, photo documentaire, lumière du matin, plan taille --ar 4:5 --no chameau, dunes
```

Waɗannan masu layi biyu a gaba na Midjourney ne, kuma a can dole ne su zo ƙarshe, in ba haka ba ba za su yi aiki ba. `--ar 4:5` shi ne tsayin da ya dace da shafin Facebook ko Instagram. Idan na sitatus ɗin WhatsApp ne sai ka sa `9:16`. `--no` kuma shi ne wurin faɗin abin da ba ka so. Kada ka rubuta "sans chameau" a tsakiyar umarni. Yawancin injinan nan sun fi jin sunan abu fiye da jin "babu", don haka ka ambaci raƙumi ka gayyato raƙumi.

Za ku ga na cire "8K" da "ultra réaliste" gaba ɗaya. A ganina kalmomin nan ado ne da muka gada daga umarnin wasu, kowa na kwafa ba tare da ya tambayi amfaninsu ba. Rubuta "8K" ba ya ƙara wa hoto girma ko da ɗigo ɗaya. Abin da yakan yi shi ne ya sa fata ta yi sheƙi kamar roba.

Ta yaya za ka san jerinka ya yi aiki? Nuna wa wani hoton na daƙiƙa biyar, ka kife waya, ka tambaye shi mi ya gani. In ya ce "wata mata tana zuba dankali", ka ci. In ya ce "wani dutse mai kyau", wurin ya cinye mutumin, sai ka rage siffofin wuri ko ka matso da ita. Kuma in za ka gyara, canja abu ɗaya a lokaci guda. Injin yana fara kowane hoto daga wata lamba ta sa'a. A Midjourney kana iya tsayar da ita da `--seed 25`, ko kowace lamba ka ga dama, don bambancin da za ka gani ya zama na kalmarka ne, ba na sa'a ba. Wannan yana rage ɓarnar kuɗin intanet ma.

Kada kuma a ɗauki jerin nan kamar karatun allo. Abin da ke gaba shi ne abin da kake son a gani, ko mutum ne ko ba mutum ba. In sanarwar ta zaizayar ƙasa ce, to kwazazzabon da ruwa ya yanka shi ne na farko, manomin da ke tsaye bakinsa ya koma cikin wuri. Wani lokaci ma salo ne ya kamata ya matso gaba. Misali Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Ba mu da hotonta na kyamara. Fuskar da mutane da yawa suka sani ta Aï Keïta ce, wadda ta fito a matsayinta a fim ɗin Med Hondo na 1986. In ka nemi injin ya yi maka Sarauniya a salon hoton gaske, zai ƙirƙiro wata fuska, gobe ka gan ta tana yawo a WhatsApp an ce ga ainihin Sarauniya. A irin wanga aiki sai ka fara da "zanen hannu na", sannan ita, don kowa ya gane zane ne tun kallon farko.

Haka ma manomiyarmu. Babu ita a duniya, ba ta da gona ba ta da suna. In kun sa hoton a shafi, ku rubuta a ƙasa cewa injin ne ya zana. In kuma rahoto ne na abin da ya faru, ambaliya ko farashin buhu a kasuwa, ku ajiye manhajar, ku je lambu da waya, ku nemi izinin mai gonar ku ɗauke ta.

Wanda ya zo da umarninsa ya ɗaga hannu, mu karanta shi a nan mu sake jera shi tare.