Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Lissafin Aikin Ƙwadago a Saudiyya



Da yawa daga cikinmu muna da wa ko ƙane wanda dillali ya yi wa romon baka da albashin Riyal. Abin da za mu duba yau shi ne, nawa ne ke isa gida daga cikin wannan albashi?

Mu ƙaddara saurayi ya sami aikin lebura a Jidda, kwantiragin shekara 2, albashi Riyal 1,200 a wata, kamfani ya ba shi makwanci. Kafin ya tashi, dillali ya karɓi abin da ya kai Riyal 6,000 da sunan biza da gwajin lafiya da tikiti. Sau da yawa gona ake sayarwa, ko a ci bashi.

Abinci da waya da sabulu su ci Riyal 400, saura 800. Sai ladan aike. Bankin Duniya ya nuna cewa a 2023 aika Dala 200 zuwa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara yana cin kusan kashi 8 cikin 100. In muka ɗauki wannan ma'auni, Riyal 64 sun tafi, 736 ke isa gida. Wannan lada kuwa kashi biyu ne: wanda ake rubutawa a rasit, da wanda ake ɓoyewa cikin farashin canji. Don haka tambayar da ta dace ita ce, Naira nawa za ta shiga hannun mai karɓa?

To, mu haɗa lissafi. Sai ya shiga wata na 9 kafin ya mayar da kuɗin dillali. A wata 24 zai aika Riyal 17,664. In aka cire 6,000, saura 11,664, watau 486 a wata. Ashe wajen kashi 2 cikin 5 na albashin da aka kwaɗaita masa ne ribarsa. Da wannan adadi ya kamata ya gwada abin da yake samu a gida. In kuwa ciwo ko riƙe albashi ya koro shi bayan wata 6, ya aika 4,416 ke nan, ya dawo da giɓin 1,584, gona kuma ta tafi.

Abin lura, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama a kan mai ba da aiki. Haka nan yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta hana dillalai karɓar kuɗi daga ma'aikaci. Duk dillalin da ya nemi kuɗi masu yawa, ya ƙi ba da rasit, ya ƙi nuna kwantiragi a rubuce, to akwai lauje cikin naɗi.

Mu da muka iya lissafi, nauyi ne a kanmu mu zauna da 'yan'uwanmu mu yi musu shi kafin a sa hannu a takardar gona.