Rubutun Ƙasan Hoto: Zubi Huɗu, Talla Ta Kwana Ashirin

 

Yau zancenmu a kan tallar waya ne. Da yawa cikinmu ba ma fita kasuwa, amma kayanmu suna fita. A da yarinya ce take ɗaukar faranti ta zaga unguwa. Tun daga 2017, lokacin da WhatsApp ya kawo wurin nan da ake kira Status, mace tana ɗaki za ta ɗauki hoton kayanta ta ɗora, duk wadda kuke da lambar juna ta gani. Sai dai abin da kika ɗora awa 24 kawai yake yi ya ɓace, ke nan kullum sai kin sake. A nan gajiyar take. Wata ta zauna da waya a hannu tana tunanin abin da za ta rubuta a ƙasan hoto har tuwo ya kama. Wata kuma ta sami jimla ɗaya, "akwai kaya, a yo oda", ta yi ta maimaita ta har mutane su daina tsayawa su karanta.

Dabarar fita daga wannan tana nan a madafinki. Dubi tandar waina. Gurabunta ba sa canjawa, ƙullun da kike zubawa ne sabo kowace safiya. Haka za ki yi wa rubutun talla. Ki tsara jimlolin sau ɗaya, ki bar gurabu, kullum ki cike su kawai. Wannan tsararriyar jimla mai gurabu ita zan riƙa kira zubi.

Bari mu ɗauki misali. A ce mace ce a Maiyama mai kaya biyar: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, yaji, daddawa, da gabu, wanda take haɗawa da ganyen albasar da ake kawo mata daga Aliero. Farashin da zan ambata na misali ne, ke kin san naki.

Aikinta na farko, ta sami littafin rubutu ta ba kowane kaya shafi guda. A shafin ta rubuta abu huɗu: sunan kayan, awon da take sayarwa da shi, kuɗinsa, da abubuwa uku na gaskiya game da shi. Shafin man gyaɗa, misali, zai ce kwalba ce awonsa, naira 2,500, sannan ga abubuwa uku: daga gyaɗar bana ne, ba a gauraya shi da wani mai ba, yana daɗi a ɗanwake. Shafin gabu zai ce ƙulli ne, naira 200, an shanya shi ya bushe sarai, ba ƙasa a ciki, yana tayar da ƙamshin miyar kuka. Kin ga waɗannan su ne ƙullunki. Kada ki sa "mai kyau" ko "mai inganci" a cikinsu, don kowace mai talla haka take cewa. Ki faɗi abin da mai saye za ta gani da idonta ko ta ji a bakinta.

Aiki na biyu shi ne jimlar rufewa, wadda ba ta canjawa ko da wane kaya ne. Ita ce take gaya wa mai saye yadda kaya zai kai hannunta. Misali: "A yi magana ta nan. Cikin Maiyama yaro zai kawo, Jega da Aliero a sa a mota." Kada ki sa kwatancen gidanki a nan. Wadda ta yi magana ta tabbata mai saye ce, sai ku yi wannan tsakaninku, yadda kuka shirya da maigida.

To yanzu sai zubin kansu. Huɗu sun ishe ki, amma kowanne ya shigo ta ƙofa dabam. Idan duka huɗun suna cewa "ga kaya, ku saya" da kalmomi dabam-dabam, ai zubi ɗaya ne kika yi masa kwalliya huɗu.

Na ɗaya na sanarwa ne: "Yau akwai (suna). (Awo) naira (kuɗi). (Gaskiya ɗaya)." In ta cike shi da ƙuli-ƙuli zai fito haka: "Yau akwai ƙuli-ƙuli. Leda naira 500. Suyar jiya da yamma."

Na biyu na girki ne, yana fara wa da abin da mai saye za ta dafa: "Mai shirin (abinci), kada ki manta da (suna). (Awo) naira (kuɗi)." Da man gyaɗa sai ya zama: "Mai shirin ɗanwake, kada ki manta da man gyaɗa. Kwalba naira 2,500."

Na uku amsar tambaya ne, irin wadda masu saye suka saba yi miki: "Ana tambayata: (tambaya)? Amsa ita ce (amsa). (Suna), (awo) naira (kuɗi)." Da yaji: "Ana tambayata: akwai wanda ba zafi sosai? Amsa ita ce akwai, na yara da na manya. Yaji, roba naira 700."

Na huɗu na aike ne: "Masu son (suna) a (gari), ranar (rana) za a sa kaya a mota. A faɗi adadi kafin (lokaci)." Da daddawa: "Masu son daddawa a Jega, ranar Alhamis za a sa kaya a mota. A faɗi adadi kafin la'asar ɗin Laraba." A ƙarshen kowanne sai ki liƙa jimlar rufewar nan.

Akwai wani tarko da Hausarmu take ɗana wa mai zubi, ki lura da shi tun wajen tsarawa. In kika rubuta "sabon (suna) ya samu", zai zauna daidai da yaji da gabu, amma ranar daddawa za ki wayi gari kin rubuta "sabon daddawa ya samu", alhali daddawa "sabuwa" ce, "ta samu". Shi ya sa duk zubin da na karanto miki babu "ya" ko "ta" da ke komawa kan kayan. "Yau akwai", "masu son", "kada ki manta da", duk suna karɓar namiji da mace. Haka kuma kalmar aiki. Ƙuli-ƙuli ake soyawa, yaji dakawa, gabu shanyawa. Ki bar irin waɗannan a shafin kowane kaya, kada su shiga cikin zubi.

Yanzu ga inda saurin yake haɗuwa da rashin maimaici. Ki jera kayanki daga ɗaya zuwa biyar, ki jera zubi daga ɗaya zuwa huɗu, kullum ki matsa gaba da taki ɗaya a kowane jeri. Ranar farko ƙuli-ƙuli da zubi na ɗaya. Rana ta biyu man gyaɗa da na biyu, ta uku yaji da na uku, ta huɗu daddawa da na huɗu. Rana ta biyar zubi ya ƙare, sai ki koma na ɗaya ki ba gabu. Rana ta shida ƙuli-ƙuli ya dawo, amma yanzu da zubi na biyu ya haɗu, wato "Mai shirin kwaɗon zogale, kada ki manta da ƙuli-ƙuli." Ba zai sake haɗuwa da na ɗaya ba sai rana ta 21. Kwana 20 ke nan cur ba ki maimaita rubutu ba, kuma in kin zagayo sai ki ɗauki wata gaskiyar daga cikin ukun nan na shafinsa.

Amma fa wannan lissafin yana tafiya ne don babu wata lamba, banda ɗaya, da take raba biyar da huɗu duka ba tare da saura ba. In kayanki huɗu ne zubi ma huɗu, kowane kaya zai manne da zubi ɗaya har abada, daddawa kullum ita ce ta motar Jega. Mai kaya huɗu ta yi zubi biyar ta sami kwana 20, ko uku ta sami kwana 12.

Ina za ki ajiye su don kada ki riƙa bugawa kullum? Tun ƙarshen 2022 WhatsApp ya ba da damar mutum ya aika wa lambarsa saƙo. Ki tura wa kanki zubi huɗun, kowanne saƙo dabam, da jimlar rufewa a jikinsa. Da safe ki danne saƙon, ki taɓa Copy, ki zaɓi hoto a Status, ki danne wurin rubutu ki taɓa Paste, ki cike gurabu. In rubutun boko yana ba ki wuya, ɗiyarki ko ƙanwarki ta buga miki su sau ɗaya. Tun 2023 kuma ana iya ɗora murya a Status, sai ki haddace zubin ki faɗe shi da bakinki. Mai WhatsApp Business tana da ƙarin taimako wajen amsa masu saye: a Quick replies za ta adana jimlar da ta saba maimaitawa, in tana hira ta buga alamar / sai jimlolin su fito ta zaɓa.

Sai abin da ke lalacewa. Babbansu tsohon farashi. Gyaɗa ta tashi a kasuwar Jega, kin ƙara kuɗin mai, amma kika kwafo rubutun makon jiya, mai saye ta aiko da tsohon kuɗi, ga rigima. Maganinsa, kullum ki kwafo zubi marar komai a gurabunsa, kuɗi kuma ki duba shi a littafi, inda za ki rubuta da fensir don ki iya gogewa. Na biyu, gurbin da aka manta ba a cike ba, ko sunan yaji a ƙasan hoton gabu. Ki karanta a bayyane sau ɗaya kafin ki tura. Na uku, zubin da ya sa ki faɗin abin da ba haka ba. In jeri ya kawo ki kan zubin aike alhali babu motar da za ki sa kaya a makon nan, ki tsallake shi zuwa na gaba. Kada kuma ki yi zubin "saura kaɗan" ki riƙa sa shi duk bayan kwana huɗu, maƙwabta za su gane, su daina yarda da ke.

Ta yaya za ki san wane zubi ne yake aiki? A ƙasan abin da kika ɗora akwai alamar ido da ke nuna yawan waɗanda suka gani, amma gani ba saye ba ne. Ki ƙirga waɗanda suka yi miki magana. Kowane dare ki rubuta a bayan littafin: zubi na kaza, mutum kaza suka yi magana. Bayan kwana 20 kowane zubi ya fita sau biyar, da kaya dabam kowane karo, don haka in ɗaya ya yi ta zama shiru, laifin zubin ne, ki sauya shi. In kuma tambaya ɗaya ce take ta dawowa, kamar "kwalbar babba ce ko ƙarama?", to akwai abin da shafin kayan bai faɗa ba. Ki gyara awon, tambayar kuma ki ajiye ta, ta zama abin cike zubi na uku.

A nan za mu dakata. Yau da dare in an kwantar da yara, ki fara da shafin kaya ɗaya da jimlar rufewa, sauran su biyo baya gobe. Allah ya sa albarka a sana'a, ya kawo kasuwa. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.