Daga Katsina zuwa Maraɗi: Abin da ke jiran fasinja a kan iyaka

Duk wanda zai hau bas daga Katsina zuwa Maraɗi ya sani cewa tafiyar ba ta da nisa. A kan iyaka ake ɓata lokaci, tsakanin Jibiya da Ɗan Issa.

Takardu biyu ne ginshiƙi: fasfo mai sauran wa'adi, da katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Shi wannan katin mutane suka fi rainawa, kuma shi ya fi tsayar da su. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka wanda aka yi wa jiya kamar bai yi ba ne.

Da an iso, kowa zai sauka. Jami'an shige da fice na Najeriya su buga hatimin fita, kwastam su duba kaya, a can gaba na Nijar su buga na shiga. Kafin ka bar gaban tebur, buɗe fasfonka ka ga hatimin da idonka, ka duba kwanan wata. Rashinsa ne ke zama rigima ranar dawowa. In an nemi kuɗi, nemi rasit cikin ladabi.

Wata motar a iyaka take juyawa, sai ka nemi ta Maraɗi da kanka, kuma ba ta tashi sai ta cika. Tambayi direba tun a tasha inda zai sauke ka. Ka riƙe 'yar sefa a aljihu, ka yi sammako, kada magariba ta same ka a layi.