Gurbi uku sun isa

Mai shagon da ke haɗa wa dillalan shinkafar Bakolori gajerun bidiyon talla da manhajar AI, kowane mako kafin kasuwar Talatar Mafara ta ci, bai kamata ya riƙa rubuta sabon umarni ga kowane bidiyo ba. Ya tsara guda ɗaya, ya kafe abin da ba ya canzawa: hoto a tsaye don WhatsApp, hasken safiya, kyamara tana matsowa a hankali. Sai ya bar gurbi uku kacal, na kaya, na wuri, da na abin da ke motsi. Yau buhun shinkafa ne a rumfa ana zubawa a kwano, gobe albasa daga Bakura, jibi takin zamani a Maradun. Amfanin hakan shi ne, in bidiyo ya lalace, ya san ɓarnar daga gurbin da ya cike ta fito.

Gurbin wuri ne ya fi ba da wahala. Rubuta "Bakolori" kawai ba ya wadatarwa, domin manhajar takan zano gonar shinkafa irin ta Asiya. A siffanta mata: hanyar ruwa ta siminti, bishiyar darbejiya, manomi da hula. Farashi da lambar waya kuwa kada a ba su gurbi, haruffa na yawan fitowa a karkace. A ɗora su daga baya da CapCut.

Wasu za su ce ai bidiyon za su yi kama da juna. Gaskiya ne, amma kamannin ke sa mai saye ya gane shagon. In dillalai biyu masu gasa ne, to nan dole kowa da nasa tsarin.