Wane Ne A Gaba, Maharbi Ko Kuka?

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyar ɗaliban ilmin kwamfuta



Abin da ya tsayar da mu gabanku yau wani kuskure ne da ya kusa kunyata mu ana saura kwana uku mu nuna aikinmu na ƙarshen shekara. Wasa ne muka tsara da Pygame, irin wanda mai wasa ke hangen fili daga bisa, da maharbi yana yawo cikin daji. Sai muka lura, in maharbin ya zo ya tsaya a gaban kuka, kansa da kafaɗunsa su ɓace a bayan gindinta, sai ƙafafu kaɗai ake gani.

Dalili kuwa shi ne, allon kwamfuta bai san nesa da kusa ba. Kamar mai fenti yake: abin da aka shafa daga baya shi ke rufe na fari. Mu ko mun umurci na'ura ta zana ƙasa, sa'an nan mutane, kana itatuwa. Saboda haka kuka kullum ita ke bisa. Da muka juya jerin, sai cutar ta sake kama: maharbi ya zagaya bayan kuka, amma ga shi tsaye kan rassanta. Ashe babu jeri tsayayye da zai yi, tun da maharbi tafiya yake.

Magani na cikin lambar y, watau matsayin abu daga sama zuwa ƙasan allo. A Pygame, y sifiri ce a can sama, tana ƙaruwa in ana gangarowa. A irin wannan wasa, abin da ya fi gangarowa shi ya fi kusa da mai kallo. To, sai a jera hotunan duka bisa ga y, a fara da ƙarama, a kuma maimaita jerin duk lokacin da za a sake zana allo.

Amma y ta wane wuri a jikin hoto? Nan muka yi tuntuɓe na biyu. Kukarmu tsawonta ɗigo 96 ne, ƙolinta a 100, gindinta a 196. Maharbi tsawonsa ɗigo 32. Mun fara da auna tsakiyar hoto. Tsakiyar kuka 148 ce. Mu ce maharbi yana bayanta, ƙafarsa a 170. Tsakiyarsa 154 ke nan. Tun da 154 ta ɗara 148, sai na'ura ta zana shi daga baya, ya fito a gaba, alhali bai ko iso gindin ba. Da muka koma auna inda abu ya taɓa ƙasa, lissafi ya daidaita: 170 ba ta kai 196 ba, maharbi na baya, in ya gangaro ƙafarsa ta kai 210, ya dawo gaba. Ga dukan gyaran:

```python
for s in sorted(sprites, key=lambda s: s.rect.bottom):
    screen.blit(s.image, s.rect)
```

Ciyawa da hanya da inuwa ba su shiga wannan jeri. Su ake fara shimfiɗawa.

Sai dai kada mu ruɗe ku, dabarar na da iyaka, kuma mun ci karo da biyu. Na ɗaya, wata kuka guda ta ci gaba da haɗiye maharbi bayan gyara. Muka sa na'ura ta ja jan layi a `rect.bottom` na kowane hoto, sai ga layin wannan kukar a 216, can ƙasa da saiwarta. Ashe mai zanenmu ya bar fili marar launi na ɗigo 20 a ƙarƙashinta. Ido bai ganinsa, amma na'ura na ƙirga shi, don haka maharbi mai ƙafa a 210 ya zama na baya. Muka datse filin, aka rabu lafiya. Wannan jan layi shi ne abin da za ku fara gwadawa in kun ga irin haka.

Na biyu, tsalle. In maharbi yana 210 ya yi tsallen ɗigo 30, ƙasan hotonsa ya koma 180, nan take sai ya faɗa bayan kuka, ya kuma fito da ya dira. Dole a ajiye lambobi biyu: inda yake a ƙasa, da tsayin da ya tashi. Da ta farko ake jeri, ta biyu kuwa wajen zane kaɗai ake rage ta.

Masu aiki da Godot 4, wanda ya fito a 2023, suna da wannan a shirye, sunansa `y_sort_enabled`. Amma shi ma cibiyar hoto yake dubawa, in ba ku sa ta a ƙafar mutum da gindin itace ba, kuskurenmu na 148 da 154 zai same ku.

Ranar nuni maharbi ya zagaya kuka sau uku a gaban malamai, bai ɓace ba sai inda ya kamata.