Lamba Ɗaya Ba Ta Yanke Hukunci: Lacca Kan Gwajin hCG a Nguru da Gashuwa

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka zan tafi kai tsaye.

Kowa a nan ya san cewa ƙwayoyin da za su zama mabiyiya ne ke fitar da sinadarin hCG da zarar ciki ya kama a mahaifa, kuma ana iya ganinsa a jini tun kafin mace ta tabbatar ta yi ɓatan wata. Ƙasa da 5 mIU/mL babu ciki, sama da 25 akwai. Yakan kai ƙololuwa wajen mako na 8 zuwa na 11, sannan ya sauko. Wannan karatun aji ne. Rigimata da wasu abokan aiki ita ce ɗabi'ar auna jini sau ɗaya a yanke hukunci a kansa.

Mu ɗauki misali. Mace ta taso daga wani ƙauye a Karasuwa ranar Litinin, ta yi ɓatan wata, tana ganin ɗigon jini, mararta na ɗan murɗawa ta gefe guda. An yi hoton ciki, ba a ga komai a mahaifa ba. Jini ya nuna 800. Lafiyayyen ƙaramin ciki zai iya ba da 800. Cikin da ke shirin zubewa zai iya ba da 800. Haka ma cikin da ya zauna a bututun ƙwai, wanda in ya fashe zai iya kashe ta a kan hanya. Sai an sake ɗibar jini ranar Laraba, bayan awa 48 cif, za a san inda aka dosa.

An koya mana cewa hCG na ninkawa duk kwana biyu, kuma da yawanmu sun riƙe wannan kamar karatun allo. A 2004 Kurt Barnhart da abokan aikinsa na Jami'ar Pennsylvania suka bi diddigin mata 287 da suka zo da ciwo ko jini a farkon ciki, kuma daga baya aka tabbatar cikinsu lafiyayye ne a cikin mahaifa. Matsakaicin hawan ya fi ninki a kwana biyu, amma mafi jinkirin hawan da suka ƙiyasta wa lafiyayyen ciki shi ne kashi 53 cikin ɗari. Ku lissafa da matar nan tamu. Kashi 53 na 800 shi ne 424, wato in ta dawo da 1,224 ko sama, cikin na iya zama lafiya lau, ko da bai kai 1,600 ɗin da masu jiran ninki ke nema ba. Wanda ya gaggauta wanke mata mahaifa don lamba ba ta ninka ba, wataƙila ya zubar da cikin da zai rayu. Binciken da ya biyo baya ma ya ƙara sauko da wannan iyaka, musamman idan lambar farko ta riga ta yi sama.

In ta dawo da 350, ya faɗi da fiye da rabi, galibi ɓari ne, sai a bi ta har gwaji ya nuna babu saura. In kuwa 900 ta dawo da shi, bai hau sosai ba bai kuma sauka ba, wannan ce ke hana ni barci. A ɗauke ta a matsayin mai ciki a wajen mahaifa har sai an tabbatar ba haka ba ne. Kuma kada kyakkyawan hawa ya ruɗe mu, domin kusan ɗaya cikin biyar na irin wannan cikin yakan hau tamkar lafiyayye.

Akwai wani kuskuren da nake yawan gani. Ƙa'idar da ke cewa a 1,500 zuwa 2,000 ya kamata a ga ciki a mahaifa, ta hoton da ake ɗauka ta farji ce. Hoton da ake ɗauka ta saman mara, wanda shi muka fi yi, sai wajen 6,000 zuwa 6,500.

Za a ce mini gwaji biyu tsada, ga kuɗin mota. Na ji. A kwatanta da kuɗin tiyata da ledar jini.

Roƙona ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da asibitocin Gashuwa shi ne wannan. A yi gwajin biyu a ɗakin gwaji guda, saboda na'urori kan saɓa da juna. A rubuta ranar da aka ɗebi jini da sa'arsa a takardar da za a damƙa wa matar a hannu. Wadda garinsu ke da nisa a sama mata masauki kusa har Laraba. A kuma gaya mata da maigidanta da Hausa ko Badanci ko Barbarci: in ciwon mara ya tsananta, ko ta ji jiri, ko ciwo a kan kafaɗa, ko ta suma, kada a jira Laraba, a kawo ta ko da tsakar dare ne.